Hayar kwamfuta a gajimare: daga ina arhar take fitowa, a ina kuma take ƙarewa

A shekarar 2006 kamfanin Amazon ya fara bayar da hayar kwamfuta ta intanet a ƙarƙashin hidimar da ya kira EC2, a kan senti 10 na dalar Amurka duk awa ɗaya. Kafin wannan lokaci, wanda zai kafa manhaja ko shafi mai ɗaukar jama'a sai ya fara sayen sabar, wato babbar kwamfutar da ke ɗaukar aikin, ya nema mata ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, ya ja mata layin intanet, sannan ya ɗauki mai kula da ita. Duk wannan kuɗi yana fita ne kafin ko mutum ɗaya ya shigo. Abin da ake kira gajimare ya juya tsarin: kwamfutocin na wani ne, suna jere a cibiyoyinsa, kai kuma ka kunna adadin da kake so, ka kashe lokacin da ka gama, a ƙarshen wata a kawo maka takardar biya gwargwadon abin da ka ci. Daga 2017 ma lissafin wasu injinan ya koma na daƙiƙa-daƙiƙa.

Sayen injin tun da wuri yana da matsala biyu, kuma ta biyun ta fi ta farkon ciwo. Ta farko ita ce ɗaure jari. Kuɗin da aka zuba a ƙarfe ya kwanta, ba za a biya albashi da shi ba, ba za a yi talla da shi ba, kuma darajar injin tana zaizayewa a littafin akanta shekara bayan shekara har ta ƙare. Ta biyu ita ce tilas ka yi hasashen buƙatarka tun kafin ka gan ta. Daga ranar da aka ba da oda zuwa ranar da injin zai fara aiki ana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, don haka ba wanda ke saye daidai da buƙatar yau. Ana saye ne don ranar da cunkoso zai fi yawa, a ƙara ɗan rara saboda tsaro. In hasashen ya yi ƙasa, shafin ya durƙushe a daidai ranar da jama'a suka zo. In ya yi sama, injina su zauna suna shan wuta ba aikin fari ba na baƙi. Kuma tunda durƙushewa kowa yana gani, zaman banza kuwa ba mai gani, kusan kowane injiniya sama yake yin kuskurensa.

To, me ya sa mai bayar da haya zai yarda ya ɗauki wannan nauyi? Saboda cunkoson abokan cinikinsa ba ya zuwa lokaci guda. Kamfanin biyan albashi yana cika a ƙarshen wata, mai nuna fina-finai da daddare, mai sayar da kaya a lokacin rangwame, kuma rana tana fitowa a wani yanki yayin da take faɗuwa a wani. Idan aka tara dubban irin waɗannan a kan injina ɗaya, tudun wani yana cike kwarin wani, jimillar ta zama kusan shimfiɗaɗɗiya. Abin da ya sa hakan ya yiwu a aikace shi ne manhajar da ke yanka sabar ɗaya gida-gida, kowane yanki ya zama kamar kwamfuta mai zaman kanta, har a iya bai wa mutum yanki na awa uku a karɓe a miƙa wa wani. A ƙara da cewa mai sayen injina dubu ɗari ba farashinsa ɗaya da mai sayen goma ba, haka wutar lantarki, haka ma'aikata.

Sai dai a lura da abin da ake sayar maka a zahiri. Awa ɗaya ta injin haya ta fi awa ɗaya ta injin da ka mallaka tsada, kuma ba da kaɗan ba. A cikin farashin akwai kuɗin injin, da wuta, da gini, da injinan da aka ajiye a kunne ko za ka buƙace su ba sanarwa, da ribar kamfanin. Abin da kake biyan ƙarin dominsa shi ne damar tashi ka tafi a duk lokacin da ka so. Kamar ɗaukar shatar mota ne: ga mai fita sau biyu a wata babu abin da ya fi shi sauƙi, ga wanda ke kan hanya daga safe zuwa dare kullum kuwa, kuɗin shatar shekara ɗaya zai saya masa motar. Saboda haka tambayar da ke yanke hukunci ita ce: cikin awa 730 da ke cikin wata, awa nawa injin ke aikin gaske?

Bari mu ɗauki misali mu bi shi da alƙalami. Alƙaluman na misali ne, an zagaye su don lissafi ya yi sauƙi, amma kowa zai iya cire su ya sa nasa. A ce sabar guda ana sayenta dala 15,000, kuma za ta yi shekara biyar tana aiki. Wata 60 ke nan, wato dala 250 a wata. Ajiye ta a cibiyar wani kamfani da ke bayar da wuri da wuta da sanyi da layin intanet, a ce dala 150 a wata. Sai a ƙara dala 100 domin kayan gyara, da kason injin ko-ta-kwana, da ribar da jarin zai kawo da an sa shi a wani wuri. Jimilla dala 500 a wata, ko injin ya yi aiki ko bai yi ba. Irin wannan ƙarfi a gajimare kuma a ce dala 2 ne duk awa. Idan aka bar shi a kunne wata cur, dala 1,460 ke nan, kusan ninki uku. Amma idan awa 100 kacal ake buƙatarsa, dala 200 ne. Wurin da biyun suke haɗuwa shi ne awa 250 a wata, wato kimanin awa takwas a rana, kashi ɗaya cikin uku na lokaci. Ƙasa da haka haya ta fi, sama da haka saye ya fi.

Da a nan lissafin ya tsaya, da kusan duk wanda ke da shafi mai aiki dare da rana ya tattara ya koma sayen nasa. Abin da ke hana hakan shi ne mutane. Injin da ka mallaka yana buƙatar wanda zai canja faifan ajiya idan ya mutu, ya sabunta manhajar tsaro, ya tashi da ƙarfe uku na dare idan layi ya yanke. Mutum ɗaya ba ya isa, domin yana barci, yana tafiya hutu, yana rashin lafiya. A ce ƙarin injiniyoyi biyu ne, kuma albashinsu da sauran ɗawainiyarsu dala 12,000 ne a wata. Wannan kuɗi ba ya raguwa don injinanka kaɗan ne. Kamfani mai sabar biyar zai biya dala 2,500 na injina da 12,000 na ma'aikata, 14,500 ke nan, alhali a gajimare dala 7,300 za ta ishe shi ko da bai taɓa kashe ko ɗaya ba. Kamfani mai sabar 40 kuwa zai biya 20,000 da 12,000, wato 32,000, a gajimare kuma 58,400. Kowace sabar da aka mallaka tana rage dala 960 a wata, don haka sai an kai sabar 13 kafin rarar ta biya albashin mutum biyun. Wannan ne dalilin da ƙananan kamfanoni ba su da wata hujja ta kuɗi da za su sayi nasu, kuma a ganina duk mai ba su shawarar haka bai sa albashi a lissafinsa ba.

Yanzu a mayar da kamfanin mai sabar 40 ya zama mai buƙata mai hawa da sauka. Yana buƙatar duka 40 ɗin na awa huɗu a rana, sauran awa 20 kuma guda takwas sun wadatar. Idan ya saya, 40 zai saya, dala 32,000 a wata ba ragi. Idan haya ce, awa 160 a lokacin cunkoso da awa 160 a sauran yini, 320 a rana, 9,600 a kwana 30, dala 19,200. Kamfani ɗaya, injina iri ɗaya, farashi ɗaya, amma sakamakon ya kife, don kawai siffar buƙatar ta canja. Sharaɗin shi ne a riƙa kashe injinan da gaske idan cunkoso ya wuce. Manhajar da aka gina a tsohon salo, wadda ba ta jure a ƙara mata injina ko a rage a tsakiyar aiki, idan aka kwashe ta yadda take aka kai gajimare, 40 ɗin nan za su kwana a kunne, a biya 58,400. A nan mafi yawan masu kukan tsadar gajimare suka faɗa: suna biyan kuɗin damar kashewa amma ba sa kashewa.

Masu bayar da haya sun san da wannan, shi ya sa suka fito da rangwame ga wanda zai yi alƙawari. Amazon ya kawo Reserved Instances a 2009, sannan Savings Plans a 2019, inda kake ɗaukar alƙawarin shekara ɗaya ko uku a rage maka farashi, har zuwa kashi 72 cikin ɗari a mafi girman ragi. Google da Microsoft suna da makamancinsa. A misalinmu a ce ragin kashi 40 ne, awa ta koma dala 1.20, wata ya koma dala 876. Tazarar da ke tsakaninsa da injin mallaka ta ragu zuwa dala 376, kuma yanzu sai an kai sabar 32 kafin saye ya fara riba. Kamfanin mai 40 zai biya 35,040 a haya, 32,000 a mallaka, bambancin da bai kai a tayar da hankalin kowa ba. Amma a dubi abin da ya faru: wanda ya sa hannu a alƙawarin shekara uku ya koma yin hasashen da ya gudu daga gare shi. Idan kasuwa ta ja baya, zai ci gaba da biya. Bambancinsa da mai saye shi ne bai fitar da jarin a dunƙule ba in ya zaɓi biyan wata-wata, kuma bayan shekara ukun ba shi da injin a hannu. Mai saye kuwa injinsa na iya ƙara shekara biyu ko uku. Su kansu manyan kamfanonin sun tabbatar da haka a littattafansu: Microsoft ya tsawaita shekarun da yake lissafa wa sabar daga huɗu zuwa shida a 2022, Alphabet mai Google ya bi sahu a 2023.

Akwai kuma Spot, inda ake sayar da injinan da ke zaune da ragin da kan kai kashi 90, bisa sharaɗin za a iya karɓe su da sanarwar minti biyu. Ya dace da aikin da za a iya katsewa a ci gaba daga baya. Ba a ɗora rumbun bayanan abokan ciniki a kansa.

Duk wannan lissafin injin ne kawai, kuma sau da yawa ba shi ne ke kumbura takardar biya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne fitar da bayanai. Shigar da bayanai cikin gajimare galibi kyauta ne, fitar da su zuwa intanet kuwa da kuɗi. A yankunan Amazon na Amurka, bayan gigabait 100 na kyauta a wata, ana biyan senti 9 a kan kowane gigabait na terabait goma na farko, farashin ya ɗan sauka bayan nan. Senti tara ba ta da nauyi a kunne. Amma manhajar da ke aika wa masu kallo terabait 50 na bidiyo a wata za ta biya wajen dala 4,300 a kan wannan layi kaɗai. A kwatanta da mai injin kansa, wanda ke biyan kuɗin faɗin layi ba kuɗin abin da ya bi ta ciki ba: layi mai gudun gigabit ɗaya a daƙiƙa, wato kashi ɗaya cikin takwas na gigabait, idan ya cika wata guda, zai ɗauki sama da terabait 300. Ga mai harkar bidiyo ko manyan fayiloli, wannan layi ɗaya na iya rinjayar duk sauran lissafin. Netflix ya kammala mayar da ayyukansa kan gajimaren Amazon a farkon 2016, amma bidiyon da ke isa ga mai kallo yana fitowa ne daga injinan kamfanin na kansa, tsarin da ya kira Open Connect, waɗanda yake ajiyewa a cikin cibiyoyin kamfanonin intanet.

Har a cikin gida ma ana caji. Idan ka raba manhajarka tsakanin cibiyoyi biyu na yanki ɗaya don kada faɗuwar ɗaya ta kayar da kai, wanda shi ne abin da ake ba kowa shawara, bayanan da ke kai-komo tsakaninsu senti ɗaya ne a gigabait ta kowane ɓangare. Abin da ya bi ta NAT Gateway, wato ƙofar da injinan da aka killace ke bi su fita intanet, ana ƙara masa senti huɗu da rabi a gigabait. Injin da aka kashe ya daina cin kuɗin awa, amma faifan ajiyar da ke manne da shi yana ci gaba da ci har sai an goge shi. Injiniya ya kunna injina shida don gwaji ranar Alhamis, aka kira shi wani aiki, bayan wata huɗu aka gano su a takardar biya. A zamanin saye, kafin a kashe dala dubu goma sai takarda ta bi ta hannun mutum uku. A gajimare latsa maɓalli ɗaya ne, kuma wanda ya latsa ba shi ke ganin takardar ba.

Ajiya tana da nata hali: ba ta da lokacin cunkoso, kullum ƙaruwa take, ba kuma a kashe ta da dare. A S3, hidimar ajiya ta Amazon, farashin ajiya ta yau da kullum ya fara ne daga senti 2.3 a gigabait duk wata, don haka terabait 100 yana cin kusan dala 2,300 a wata, wata bayan wata, muddin bayanan suna nan. Gaskiya ne cewa a cikin wannan kuɗi ana kwafe bayananka a cibiyoyi aƙalla uku, kuma duk wanda zai kwatanta da sayen faifai dole ya ninka nasa lissafin don ya samu irin wannan kariya. Duk da haka, idan ajiyar ita ce sana'ar kamfanin, akwai girman da in an kai shi haya ba ta da ma'ana. Dropbox ya kwashe mafi yawan bayanan masu amfani da shi daga S3 zuwa nasa tsarin a tsakanin 2015 da 2016, kuma a takardun da ya gabatar a 2018 lokacin shiga kasuwar hannun jari ya nuna ragin kusan dala miliyan 75 a kuɗin gudanarwa cikin shekara biyu.

Misalin da ya fi kusa da matsakaicin kamfani shi ne na 37signals, masu manhajojin Basecamp da HEY. Sun bayyana cewa sun kashe kimanin dala miliyan 3.2 a gajimare a 2022. Suka sayi injinan Dell na wajen dala 700,000, suka ajiye su a cibiyoyin haya, kuma zuwa 2024 David Heinemeier Hansson, ɗaya daga cikin masu kamfanin, ya ce kuɗin gajimarensu ya sauka zuwa kimanin miliyan 1.3 a shekara, wanda ragowar ajiya ce. Ana yawan kafa hujja da wannan labari, sai dai a duba yanayinsu kafin a kwaikwaya. Buƙatarsu a daidaice take, sun san ta shekara da shekaru, kuma sun riga suna da ma'aikatan da suka iya kula da injina, har suka ce ba su ƙara ko mutum ɗaya ba. Wato layin dala 12,000 na misalinmu, wanda shi ne ke kare gajimare, a wurinsu kusan sifiri ne.

Wanda ke son sanin inda yake tsaye, takardun biyansa na wata goma sha biyu za su gaya masa. Ya duba adadin injinan da ke kunne a awa mafi ƙarancin aiki na mako, ya kwatanta da na awa mafi cunkoso. Idan 35 ne da 40, buƙatarsa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma yana biyan kuɗin sassaucin da ba ya mora. Idan takwas ne da 40, yana inda ya dace. Sai ya duba ko injinan da ke kunnen suna aiki: sabar da ƙwaƙwalwarta ba ta wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinta ba duk wata, ƙarama za ta yi aikinta, kuma rage girman irin waɗannan da ɗaukar alƙawari a kan abin da ba ya sauka sukan zabge kaso mai tsoka ba tare da an matsa ko'ina ba. Wannan ya kamata a fara yi, domin wanda ya kwatanta gajimaren da aka bari a barkatai da cibiyar da aka tsara a takarda tsaf, ya yaudari kansa. Bayan an gyara, in har fitar da bayanai da ajiya su ne mafi girman layuka, kuma suna hawa daidai da hawan abokan ciniki, to lokacin ɗaukar alƙalami da gaske ya yi.

Fitar ma da kuɗinta. A 2024 Google da Amazon da Microsoft sun sanar da yafe kuɗin fitar da bayanai ga wanda zai bar su, a daidai lokacin da dokar bayanai ta Tarayyar Turai ke matsa lamba kan haka, amma wannan bai shafi fitar yau da kullum ba, kuma ba shi ne babban nauyin ba. Nauyin yana cikin manhaja. Wanda hayar injina zalla yake yi zai iya kwashe kayansa ba wahala sosai. Wanda ya gina aikinsa a kan hidimomin da kamfani ɗaya kaɗai ke da su, irin su DynamoDB ko Lambda na Amazon, sai ya sake rubuta sassan manhajar, ya kuma koyi gudanar da rumbun bayanan da a da wani ke kwana a kansa. A tsawon ƙaurar za a biya wuri biyu lokaci guda. Koma ga kamfanin mai sabar 40 da ya riga ya samu rangwame: rararsa dala 3,040 ce a wata. Idan ƙaurar ta ci wata shida ana biyan ɓangarori biyu, ƙarin wajen dala 190,000 ke nan, ban da lokacin injiniyoyi, kuma kafin rarar ta mayar da wannan kuɗi an haura shekara biyar, daidai lokacin da injinan da aka saya za su nemi canji. Mai sabar 200 kuwa, ko da ya ƙara ma'aikata har kuɗinsu ya kai dala 30,000 a wata, zai biya 130,000 maimakon 175,200. Wata shida na biyan wuri biyu zai ci masa dala 780,000, rarar dala 45,200 a wata kuma za ta mayar da shi cikin kimanin shekara ɗaya da rabi.